Abin da Kyamara Ba Ta Ɗauka Ba, Kwamfuta Ba Ta Iya Fito da Shi



An umurce ni da in yi bayani a kan wani abu da ya shafi sana'ata ta haɗa kyamarorin tsaro. Na zaɓi tambayar da aka fi yi mini, wadda kuma na san da yawanku kuna da ita a zuci. Mutum zai kawo bidiyon da kyamara ta ɗauka, ga mota nan ana ganinta, amma lambarta ta yi dishi-dishi. Sai ya ce, "Malam, sa mana a kwamfuta ka wanke hoton nan, lambar ta fito." Idan aka ce masa ba zai yiwu ba, sai ya ɗauka ana yi masa rowa, ko kuwa ana so ya ƙara kuɗi.

Wannan tambaya ta ƙara nauyi a wajenmu tun daga shekarar 2025, lokacin da 'yan bindiga suka riƙa kawo hare-hare a ƙauyukan ƙaramar hukumar Shanono da ke kan iyaka da Jihar Katsina, musamman wajen Faruruwa. Duk inda irin wannan ta faru, sai a fara maganar sa kyamara a kasuwa, da gidan mai, da bakin shago. Shawara ce mai kyau. Sai dai ya kamata mu san iyakar abin da na'urar za ta iya, don kada mu zuba kuɗi a banza, don kuma kada a kama wani bawan Allah a kan lambar da aka ƙaga masa.

Bari in fara da mayar da mu aji. Kun tuna takardar giraf da muke amfani da ita a darasin lissafi, mai ƙananan gidaje a jere? To, haka cikin kyamara yake. Akwai wani ɗan faranti a bayan gilashinta wanda aka rarraba gida-gida. Kowane gida yana auna hasken da ya sauka a kansa, ya ba da lamba guda ɗaya. Wannan gida shi ake kira fiksel, amma a jawabin nan zan kira shi ɗigo. Hoton da kuke gani a allo ba kome ba ne illa waɗannan ɗigo-ɗigo da aka jera. Kyamarar da aka fi sayarwa a kasuwanninmu, wadda aka rubuta 1080p a kwalinta, tana da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye.

Abin lura shi ne, ɗigo ɗaya launi ɗaya yake iya riƙewa. Idan rabin abin da ya faɗo a kansa fari ne, rabi kuma shuɗi, ba zai adana cewa farin yana hagu shuɗin yana dama ba. Zai gauraya su ya ba da launi guda tsaka-tsaki, shi ke nan. Malamanmu na lissafi da ke zaune a nan za su fi kowa gane wannan. Idan na ce muku ɗalibai huɗu sun yi jarrabawa, matsakaicin makinsu 60, wa zai iya faɗa mini makin kowane ɗaya? Yana yiwuwa kowa ya ci 60. Yana yiwuwa biyu sun ci 90, biyu sun ci 30. Amsoshin da za su dace ba su ƙirguwa, kuma duk wanda ya zaɓi ɗaya ya ce ita ce, cinta ya yi. Ko da an kawo kwamfutar da ta fi kowace girma a duniya, ba za ta fitar da makin yaran nan daga 60 ba, domin bayanin ya ɓace tun lokacin da aka haɗa aka raba. Wannan shi ne kan maganar tawa duka.

Yanzu mu ɗauki lambar motarmu ta Nijeriya, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ke kula da tsarinta. A tsarin da aka shigo da shi a 2011, haruffa uku ne a farko masu nuna ƙaramar hukuma, sai alƙaluma uku, sai haruffa biyu. Ta Shanono tana farawa da SNN. Rubutun shuɗi ne ga motar gida, ja ga motar haya, kore ga motar gwamnati. Faɗin farantin kusan santimita 30 ne, tsayinsa kusan 15. A cikin wannan ɗan wuri aka jera alamomi takwas, don haka kowace ba ta wuce kamar santimita 3 a faɗi ba, da 6 ko 7 a tsayi.

To, mu ƙaddara wani mai shago a bakin titi ya kafa kyamarar 1080p a saman ƙofarsa. Kamar yadda kowa ke so, ya juya ta yadda za ta ga ko'ina: ƙofar shago, da mai shayi na gefe, da titi, da tsallaken titi. A daidai wurin da mota ke wucewa, faɗin abin da kyamarar ke kallo ya kai mita 20. Sai mu raba ɗigo 1920 gida 20. Kowace mita ta sami ɗigo 96, wato kusan ɗigo ɗaya ga kowace santimita. Farantin lamba mai santimita 30 ya tashi da ɗigo 29 ke nan a kwance, da 14 a tsaye. Kowane harafi kuwa ya sami ɗigo 3 a faɗi, da 6 a tsayi.

Ina roƙonku, in kun koma gida ku ɗauki takardar giraf, ku keɓe gida uku a kwance da shida a tsaye, ku gwada rubuta 3 da 8 da B ta hanyar cike gidajen da fensir. Za ku ga wuya. Tsofaffin na'urorin buga takarda masu rubutu da ɗigo-ɗigo sukan ba kowane harafi gida 5 a faɗi da 7 a tsayi kafin ya karantu sosai, kuma wannan a inda aka tsara harafin ya zauna daram a cikin gidajen ne. Harafin da ke jikin mota bai san da gidajen kyamara ba. Layinsa yakan faɗo a tsakanin gida biyu, ya gaurayu da farin faranti. Abin da ya raba 3 da 8 'yan layuka biyu ne a gefen hagu, kaurinsu bai wuce santimita ɗaya ba. Da zarar sun narke a cikin ɗigo ɗaya, 138 da 188 da 133 duk sun zama hoto iri ɗaya. Haka 0 da D, haka 5 da S, haka 1 da 7.

Kada kuma mu manta da yawan lambobin. Ko da mun tabbata motar ta Shanono ce, alƙaluma uku suna ba da hanyoyi 1,000, haruffa biyu suna ba da 26 sau 26, wato 676. In an ninka, tsarin zai iya ɗaukar har lambobi 676,000 a ƙarƙashin SNN kaɗai. Hoton da ya yi dishi-dishi zai iya dacewa da ɗaruruwa daga cikinsu.

Wannan fa lissafin kyamara mai kyau ne, da rana tsaka, mota a tsaye. Akwai tsofaffin na'urori da har yanzu ake samu, masu adana hoto a kan ɗigo 352 a kwance da 288 a tsaye. A wancan titi mai mita 20, farantin lamba gaba ɗaya zai sami ɗigo 5 ne kacal. Alamomi takwas a cikin ɗigo biyar! Masu ƙera kyamarorin karanta lambar mota kuwa sukan nemi ɗigo 100 ko fiye a faɗin faranti kafin su yi alkawarin kome.

Wani zai ce, ai sai a ƙara girman hoton. In ka buɗa shi ninki goma, ɗigo 29 sun koma 290, gaskiya ne. Amma daga ina sababbin suka fito? Kwamfuta ce ta dubi ɗigon hagu da na dama, ta cike tsakaninsu da launin da ke tsaka-tsaki. Ba ta koma bakin titi ta sake duban motar ba. Kamar a ƙara wa koko ruwa ne: kwano ya cika, amma gasarar tana nan yadda take. Abin da muke gani a finafinan 'yan sandan Amurka, inda jami'i zai danna maɓalli lamba ta bayyana tangaran, dabarar masu shirya fim ce. Sun fara ɗaukar hoto mai kyau, suka lalata shi da gangan, sannan suka nuna mana daga ƙarshe zuwa farko.

Abu na biyu da ke kashe lamba shi ne motsi, musamman da dare. Kyamara takan buɗe idonta na ɗan lokaci ta tara haske, sannan ta rufe. Da rana haske ya wadata, ƙiftawa kaɗan ta isa. Da dare sai ta tsawaita buɗewar, sau da yawa har kashi ɗaya cikin 25 na daƙiƙa. Motar da ke tafiyar kilomita 36 a awa, wadda ba ma gudu take ba, tana cin mita 10 a kowace daƙiƙa. A cikin wancan ɗan lokaci ta matsa santimita 40 ke nan. Mu ce saboda kusurwar da kyamarar take, rubu'in wannan motsi ne kawai ya bayyana a matsayin gocewa gefe. Ya zama santimita 10, faɗin haruffa uku. Kowane harafi ya shafu a kan maƙwabtansa, kamar yaro ya goga hannu a kan allo tawada ba ta bushe ba. Kafin a tsayar da wannan mota cak, sai an rage buɗewar zuwa kamar kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa, inda motsin bai wuce santimita ɗaya ba. Yin haka kuma yana buƙatar haske mai ƙarfi.

Dare yana da wata matsalar. An yi farantin lamba da fenti mai mayar da haske inda ya fito. Kyamarorin dare suna da 'yan fitilu kewaye da gilashinsu masu fitar da hasken da idon mutum ba ya gani. Kyamara ta daidaita kanta da duhun titi, sai ga faranti ya dawo mata da haskenta gaba ɗaya. Duk ɗigon da ke wurin sai ya cika ya kai maƙura, ya zama fari fat. Mudun da ya cika ya zube ba ya faɗa maka yawan abin da ya zube. Duk wanda ya ga farin murabba'i a inda lamba take, ya sani cewa babu rubutu a ƙarƙashinsa da za a tono. Fitilar mota in ta haska kyamara kai tsaye haka take yi. Ga kuma ƙurar hunturu da yanar gizo-gizo da ke taruwa a kan gilashi in ba a gogewa.

Abu na uku shi ne matse bidiyo. Domin faifan ajiya ya ɗauki kwanaki da yawa, na'urar takan zubar da ƙananan bayanai da take ganin ido ba zai lura da su ba. Siraran layukan haruffa suna cikin abin da ake fara zubarwa. Mu kuma sai mu ƙara ɓata lamarin da hannunmu. Wani zai ɗauki allon na'urar da wayarsa, ya tura ta WhatsApp, wanda ya karɓa ya sake turawa. Kafin bidiyon ya isa hannun ɗan sanda an sake matse shi, ɗan abin da ya rage ya tafi.

A nan ne nake so ku ba ni kunnuwanku sosai, domin hoto mai dishi-dishi bai kai hoton da aka gyara da ƙarya haɗari ba. A shekarar 2013, wani masanin kwamfuta ɗan ƙasar Jamus mai suna David Kriesel ya gano cewa wasu injunan kwafar takardu na kamfanin Xerox suna sauya alƙaluma. Ya ga haka ne a zanen wani gini, inda girman ɗakuna da ke kan kwafi ya saɓa da na asali. Dalili shi ne, don rage nauyin fayil, injin yakan duba alamomin da suka yi kama da juna ya ajiye guda ɗaya, ya riƙa liƙa ta a gurbin sauran. Idan rubutun ƙanana ne, sai ya ɗauki 6 a matsayin 8. Kwafin yana fitowa tsaf, babu alamar kuskure, har sai da kamfanin ya fitar da gyara. Manhajojin waya da ke alkawarin wanke hoto irin wannan haɗari suke ɗauke da shi. Suna duban tabon da ke wurin, su zana harafin da ya fi kama da shi. Za ka sami lamba mai kyan gani, amma zane ce. Hanyar gane haka ba ta da wuya: ɗauki hotuna uku na motar nan ɗaya daga wurare daban-daban na bidiyon, ka ba manhajar. In ta ba ka lambobi mabambanta, ka san cinta take yi.

Ku dubi abin da zai biyo baya a gari irin namu, inda kowa ya san motar kowa. An fitar da 188 a maimakon 138, an watsa a waya. Kafin gari ya waye an san mai motar, wataƙila direba ne mai jigilar hatsi zuwa Dawanau wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. A lokacin da zukata suka yi zafi, ba kowa ke jiran bincike ba. Mai laifin na gaskiya kuwa ya sami sarari, tun da an bi wani.

Ba ina nufin masana ba su iya yin kome ba. Idan hoton ya yi duhu ne kawai, ana iya ƙara masa haske, domin bayanin yana nan. Idan faranti ya sami ɗigo masu yawa amma ya shafu kaɗan ta gefe ɗaya, ana iya lissafa tsawon shafuwar a rage ta. Idan mota ta bayyana a hotuna da yawa a jere, ana iya ɗora su a kan juna, saboda a kowanne harafin ya faɗo a kan gidajen ta wata fuska dabam, sai a sami ɗan ƙari. Duk waɗannan tattara abin da aka riga aka ɗauka ne. Ko Amurkawa sun ɗanɗana wannan iyaka. A 1990 suka harba madubin hangen taurari mai suna Hubble, sai aka tarar an yi kuskure wajen goge madubinsa, hotuna suna fitowa dishi-dishi. Masana sun san ainihin girman kuskuren, sun yi amfani da kwamfuta sun gyara hotunan taurari masu haske, amma masu rauni sun gagara. Sai da aka tura 'yan sama jannati a watan Disamba na 1993 suka sanya masa na'urorin gyara, tamkar an sa masa tabarau. Wato maganin yana wajen ɗauka.

Saboda haka, ga shawarata ga duk wanda zai kafa kyamara, ko kwamitin kasuwa ne ko mai gidan mai. Kyamara ɗaya ba ta aiki biyu. Wadda za ta ga fili gaba ɗaya daban, wadda za ta karanta lamba daban. Mu koma ga lissafinmu: in ana son ɗigo 100 a kan santimita 30, kyamarar 1080p kada ta kalli faɗin da ya kai mita 6. Ko an sayi mai tsada mai ɗigo 3840, in aka bar ta tana kallon mita 20, ɗigo 58 kawai faranti zai samu. A nemi wuri matsattse inda dole mota ta rage gudu, kamar ƙofar shiga kasuwa ko tasha. A sa kyamarar ta fuskanci gaban mota ko bayanta, kada a ɗaga ta can sama tana leƙowa. A sa mai haɗawa ya shiga wurin da aka rubuta Shutter ya rage lokacin buɗewa, ya kuma tabbatar abin da ake adanawa shi ne Main Stream, domin Sub Stream ƙaramin hoto ne da aka tanada don kallo a waya. Kafin a biya shi cikon kuɗinsa, a sa wani ya wuce da mota da rana, ya sake wucewa da dare da fitila a kunne. Sannan a buɗe abin da aka adana, a ba wanda bai san motar ba ya karanta. In ya karanta daidai, aiki ya yi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In kuwa abu ya riga ya faru, a hanzarta kwafe bidiyon daga na'urar zuwa filas, domin in faifai ya cika sabon ɗauka yana hawa kan tsoho. A kwafi mintoci masu yawa kafin faruwar abin da bayansa, a duba ko agogon na'urar daidai yake, a miƙa wa jami'an tsaro yadda yake ba tare da an taɓa shi ba. Ko lamba ba ta fito ba, bidiyon yana da amfani. Yana nuna lokaci, da irin mota, da launinta, da inda ta lotsa, da hanyar da ta nufa, ko Gwarzo ko Bagwai. Launin rubutun ma yakan nuna ta haya ce ko ta gida. Mu tuna kuma, masu kawo hari a ƙauyuka galibi a kan babura suke zuwa, yawancinsu ba su da lamba ko kaɗan, don haka yawan baburan da mutanen da ke kai da lokacin wucewarsu su ne abin da za a nema.

Ni dai abin da nake gaya wa duk wanda ya kawo mini irin wannan bidiyo shi ne, mu ƙirga ɗigon da ke kan farantin tukuna. In sun kai, mu gwada. In ba su kai ba, amsar gaskiya ita ce lamba ba ta karantuwa, kuma duk wanda ya karɓi kuɗinka ya ba ka lamba daga ɗigo biyar, ya sayar maka da zato ne.